Babi na Bakwai: Hoton Madubi da Hoton Ruwa

Kayan da za a zo da su aji: ƙaramin madubi mai miƙaƙƙen gefe, littafin lissafi mai gida-gida, fensir, da ɗan tawada ko shuni.

Ku ɗauki buta ku ajiye a gabanku, bakinta na kallon dama, mariƙinta a hagu. Ku tsayar da madubi a damanta. Butar da ke cikin madubin murfinta na sama, gindinta na ƙasa, kamar ta gaske, amma bakinta ya koma kallon hagu. Butoci biyu sun haɗa baki. Yanzu ku kwantar da madubin a ƙasa ku ɗora butar a kansa. Wannan karon baki yana nan a dama, mariƙi yana nan a hagu, sai dai butar ta kife: gindi ya haɗu da gindi, murfi ya yi can ƙasa. Na farko shi ake kira hoton madubi. Na biyu shi ne hoton ruwa, domin haka bishiyar bakin tafki take fitowa a cikin ruwa da sassafe, kafin iska ta motsa shi.

Buta ɗaya, madubi ɗaya, amsa biyu. Abin da ya canza kawai shi ne inda aka ajiye madubin. Ruwan da ya kwanta ba kome ba ne illa madubi a kwance, kuma a tambayoyin jarrabawa idan an ce “hoton madubi” ba tare da ƙarin bayani ba, ana nufin madubi a tsaye a gefen abin, yawanci a dama.

Doka ɗaya ce ke aiki a duka biyun

Abin da yake kusa da madubi, hotonsa yana kusa da madubi. Abin da yake nesa, hotonsa yana nesa, daidai tazara ɗaya. Ba wata doka bayan wannan.

Mu gwada ta a littafin lissafi. Ku ja layi a tsaye a tsakiyar shafi, wannan layin shi ne madubi. A hagunsa ku zana tuta: sandarta gida biyar daga layin, ƙyallenta a sama, bakin ƙyallen ya miƙe zuwa dama har ya rage gida biyu ya taɓa layin. To, a ɗaya ɓangaren ku ƙirga gida biyu ku ɗiga, nan bakin ƙyallen zai tsaya. Ku ƙirga gida biyar ku ja sanda. Tsayin kowane abu bai taɓu ba, ƙyalle na sama yana sama, amma yanzu yana kaɗawa zuwa hagu.

Sai ku ja wani layin a kwance, gida ɗaya a ƙarƙashin gindin tutar farko. Wannan shi ne fuskar ruwa. Idan tsawon sandar gida shida ne, kanta yana gida bakwai daga ruwa. Saboda haka a hoton, gindin sanda zai kasance gida ɗaya ƙarƙashin layi, kanta kuma gida bakwai ƙarƙashin layi. Ƙyallen ya koma ƙasa, amma har yanzu dama yake kallo.

Wanda ƙirgar gida ta yi masa wuya, ga hanya mafi sauƙi. Ya zana tutar da ɗanyen tawada, ya ninke takardar a kan layin kafin ta bushe, ya danna, ya buɗe. Ninkin tsaye yana ba da hoton madubi, ninkin kwance yana ba da hoton ruwa. Tawada ba ta kuskure, don haka da ita za ku riƙa duba aikinku.

Baƙaƙe

A nan ne darasin ya shafi mai koyon karatu kai tsaye, domin akwai ƙananan baƙaƙe huɗu da suke siffa ɗaya, juyi kaɗai ya raba su: b, d, p, q. Kowannensu sanda ce da tumbi. A b sanda na hagu tana kallon sama. Madubi ya mayar da ita d. Ruwa kuwa ya mayar da ita p, domin sanda ta tsaya a hagunta, sai dai ta koma kallon ƙasa. Haka d, a madubi b ce, a ruwa q ce. Wanda yake rikita b da d a watanninsa na farko ba laifin kansa ba ne. Tun yana yaro ya san cewa buta buta ce, ko ina bakinta ya kalla, yau kuma an ce masa wannan siffar sunanta yana canzawa idan ta juya.

Baƙaƙenmu masu ƙugiya suna da nasu tarkon. Mutum zai zaci tunda b tana zama d a madubi, ɓ ma za ta zama ɗ. Ba ta zama. Ku duba da kyau: ƙugiyar ɓ da ta ɗ duka dama suke lanƙwasawa. Madubi zai juya ƙugiyar ta koma hagu, abin da zai fito ba harafi ba ne a Hausa.

A manyan baƙaƙe irin na bugu, waɗanda ba su da ado, akwai waɗanda madubi ba ya yi musu kome, saboda rabinsu na dama daidai yake da na hagu: A, H, I, M, O, T, U, V, W, X, Y. Akwai kuma waɗanda ruwa ba ya taɓawa, saboda rabin sama daidai yake da na ƙasa: B, C, D, E, H, I, K, O, X. Huɗu ne kaɗai suka tsira a duka biyun, wato H, I, O da X. Ba sai an haddace ba. Ku tambayi kanku ko harafin zai ninku biyu cif a tsaye, ko a kwance.

Kalma guda kuwa tana da ƙarin abin lura. Ku rubuta MOTA da manyan baƙaƙe, ku tsayar da madubi a damanta. Duk baƙaƙen huɗu suna cikin waɗanda madubi ba ya canzawa, amma ba MOTA za ku gani ba. A ce ta fi kusa da madubi, ita za ta fara fitowa, sai T, sai O, sai M: ATOM. Madubi yana aiki biyu a kan kalma, yana juya kowane harafi, yana kuma juya jerin. UWA ta zama AWU. AYA kuwa tana nan AYA, don ta kowace fuska aka karanta ta ɗaya ce.

Ruwa ba ruwansa da jeri. Na farko yana nan a farko, na ƙarshe a ƙarshe, kowane harafi ne ke kifewa a gurbinsa. Shi ya sa KEKE, DOKI, BIKI da KOKO suke fitowa lafiya lau a hoton ruwa, kamar ba a taɓa su ba. Ku rubuta DOKI ku tsayar da madubi a bin ƙasan kalmar, za ku gani da idonku. Ku mayar da madubin dama kuma, sai kalmar ta watse: I da O sun tsira, K da D sun juya baya, jeri ya koma daga ƙarshe.

Kuskuren da aka fi yi

Idan aka ce wa ɗalibi ya kawo hoton ruwa, sau da yawa sai ya kama littafin ya juya shi, kai ya koma ƙasa, ya kwafi abin da ya gani. Wannan ba hoton ruwa ba ne. Juya littafi haka yana canza abu biyu lokaci ɗaya, sama da ƙasa, da kuma dama da hagu. Harafin b idan aka juya littafi q yake zama, alhali hotonsa na ruwa p ne. Haka lamba 6: juya littafi ne ke mayar da ita 9, amma a ruwa wutsiyarta za ta sauko ƙasa ta ɓangaren da ba na 9 ba, ta zama siffar da ba lamba ba. Hanyar gane kuskuren ita ce a zaɓi abu ɗaya da ke hagu, kamar sandar b, a duba ko yana nan a hagu. Idan ya ƙaura zuwa dama, an juya littafi ne.

Akwai tambayar da kusan kowane aji sai wani ya yi ta: idan na riƙe takarda ina fuskantar madubin ɗaki, me ya sa rubutu ke juyawa dama da hagu, ba ya kifewa? Amsar tana hannun mai riƙe da takardar. Kafin rubutu ya fuskanci madubi sai ka juya takardar, kuma mun saba juya ta ta gefe, kamar buɗe ƙofa. Ka kifa ta daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake juya waina, ka nuna wa madubi. Za ka ga rubutun ya kife, harafin farko kuma yana nan a hagunka. Wannan juyin ne ya sa mai sassaƙa hatimi yake sassaƙa rubutu a juye don ya fito daidai a takarda, kuma ake rubuta sunan motar asibiti a juye a goshinta don direban da ke gaba ya karanta ta madubinsa.

Agogo

A zana agogo marar lambobi yana nuna ƙarfe 3 daidai: dogon hannu a sama, gajere a dama. A madubi gajeren ya koma hagu, agogo ya nuna ƙarfe 9. Madubi kullum yana ba da lokacin da agogo mai lafiya zai iya nunawa, kuma ana samun sa ta hanyar cire lokacin daga 12. Idan akwai mintuna, a rubuta 12 ɗin a matsayin 11:60 don cirewa ta yi sauƙi. Ƙarfe 4:20 ke nan zai fito 7:40, domin 4 daga 11 saura 7, 20 daga 60 saura 40.

A ruwa kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Ƙarfe 3 ɗin nan, dogon hannu ya sauka kan gurbin 6, gajere ya tsaya cak a kan 3. Kallon farko za a ce uku da rabi. Amma agogo mai lafiya, da uku da rabi gajeren hannunsa yana tsakanin 3 da 4 ne. Littattafan shirin jarrabawa suna koyar da a cire lokacin daga 18:30, wanda a nan zai ba da 15:30, wato 3:30, kuma ita ce amsar da masu tambaya suke nema. Ku yi amfani da ita, amma ku sani dogon hannu kaɗai take faɗa daidai. Gajeren kullum yana kauce wa inda ya kamata da rabin tazarar da ke tsakanin lamba da lamba.

Aikin gida

Ku rubuta KANO da manyan baƙaƙe, ku zana hotonsa na madubi da na ruwa, sannan ku duba da tawada da ninki. Ku lura da N, siffar da ta ɗauka a madubi ita ta ɗauka a ruwa. Ku nemo kalmomin Hausa uku, ban da na cikin wannan babi, waɗanda ruwa ba ya canzawa. Daga ƙarshe, agogon da ke bayan mai aski ya nuna 2:15 a cikin madubi. Ƙarfe nawa ne a gaskiya?