Yadda ake rubuta saƙon farko a manhajar neman aure don a samu amsa ta gaske

Gaisuwarmu ta Hausa tana zuwa ne da amsarta a aljihu. Idan ka ce "ya kike", ko mara lafiya ce a kan gadon asibiti za ta ce maka "lafiya lau". Shi ya sa wanda ya haɗu da yarinya a Muzz ko Tinder ya tura mata "Slm, ykk" bai kamata ya ji haushi ba idan "lfy" ce kawai ta dawo masa. Abin da ya tambaya shi aka ba shi. Ka tuna kuma, wataƙila irin wannan saƙon ne jere a wayarta tun safe.

Mataki na farko, kafin ka taɓa rubutu, ka karanta bayanin da ta yi game da kanta har ƙarshe. Abu ɗaya kake nema, wanda ita ce ta zaɓi ta faɗa: aikinta, garin da ta tashi, girkin da take so, littafin da take karantawa. Fuskarta ba ta cikin lissafi. "Masha Allah, kin haɗu" yabo ne, kuma amsar yabo ita ce "na gode", daga nan zance ya mutu.

Na biyu, ka yi sallama, amma kada ka tura ta ita kaɗai ka zauna jiran a amsa. Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, domin a zaure haka aka koya mana: sallama, gaisuwa, ya gida, ya aiki, sannan maganar da ta kawo ka. A waya kuwa kowace gaisuwa tana iya cin rabin yini kafin amsarta ta zo. Haɗa sallamar da zancen a saƙo guda.

Na uku shi ne tambayar kanta, kuma a nan aikin yake. A ce ta rubuta cewa tana koyarwa a firamare, aji biyu. Mai gaggawa zai ce "Ashe ke malama ce?" Amsa: "Eh." Wani zai ce "Ya aikin?" Amsa: "Alhamdu lillahi." Duba wannan kuma:

"Assalamu alaikum, Malama. Na ga 'yan aji biyu kike koyarwa. Ɗan yayata ajin yake, jiya ya tsare ni da tambayar inda rana take kwana, na rasa ta cewa. Ke wace tambaya ce yaranki suka taɓa yi miki da ta ɗaure miki kai?"

Jimla uku ce bayan sallama. Ta ga ka karanta abin da ta rubuta. Ta san wani abu ƙarami game da kai ba tare da ka jero digiri da mota ba. Sannan tambayar ba ta amsuwa da eh ko a'a, amma kuma ba ta da nauyi, domin duk mai koyar da yara tana da irin wannan labarin a bakinta. Sai dai labarin ɗan yayar ya zama gaskiya. Idan ba ka da shi, nemi naka. Ƙarya a saƙon farko bashi ce, ranar zuwa gaishe da iyaye za a biya.

Kafin ka tura, yi gwaji ɗaya: shin wannan saƙon zai dace da wata yarinyar daban ba tare da ka canza kalma ba? Idan zai dace, sake rubutawa.

Tambaya ɗaya ta isa. "Ina kike zaune, shekarunki nawa, kin taɓa aure?" tambayoyin ofishin 'yan sanda ne, lokacinsu na gaba. Haka neman lambar waya ko ƙarin hoto tun ba a gaisa ba, abin da 'yan damfara suke fara yi ke nan, kuma mata sun sani. "Malama" ta fi "masoyiyata" aminci nesa ba kusa ba. Ka kuma tuna cewa a Muzz mace tana iya sa waliyyinta ya riƙa ganin hirar, don haka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba idan yayanta ya karanta.

Idan ba ta rubuta komai ba sai sunan gari, yi amfani da garin: "Na ga 'yar Zariya ce ke. Baƙon da ya sauka da yunwa, ina za ki ce ya je ya ci masa?" Mace ma da za ta fara magana, hanyar ɗaya ce.

Bayan ka tura, ajiye wayar. Kada ka bi da "kin yi shiru" ko alamar tambaya uku. Idan amsa ta zo doguwa, musamman in ta mayar maka da tambaya, ɗauki wani abu daga cikin maganarta ka ci gaba da shi. Idan kuwa ka yi tambaya mai kyau sau biyu kalma ɗaya-ɗaya kake samu, yi mata fatan alheri ka bar ta.