Yadda ake duba sunan kamfani kafin a yi masa rajista

Idan za ka buɗe kamfani a Kano, kada ka ba mai fenti aikin allon shago, kada ka buga rasit ko leda mai suna, sai hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ta amince da sunan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana a yi rajistar sunan da wani ya riga ya ɗauka, ta kuma hana wanda ya yi kama da shi har zai iya ruɗar mutane. Wannan kamannin suna shi ne ke kayar da 'yan kasuwarmu da dama. Rajistar kuma ta ƙasa baki ɗaya ce, don haka rashin ganin sunan a Kantin Kwari ko Singa ba hujja ba ce. Mai shi yana iya kasancewa a Legas ko Aba.

Fara da rubuta suna uku a takarda: wanda ranka ya fi so, da biyu na ko-ta-kwana. Sannan ka shiga cac.gov.ng a wayarka, ka nemi wurin da aka rubuta Public Search. Wannan binciken kyauta ne.

A ce kai ɗan Kwari ne mai sayar da shadda da atamfa, kana son Alheri Textiles Limited. Kada ka zuba sunan gaba ɗaya. Rubuta Alheri kaɗai, domin ita ce kalmar da ke bambanta ka da wasu; Textiles da Limited na kowa ne. Daga nan sai ka bi duk hanyoyin da mutanenmu ke rubuta ta da boko: Alkhairi, Al-Khairi, Alhairi, Al-Heri. A nan ya kamata ka ɓata lokaci, don sunayenmu na Hausa da Larabci ba su da rubutu ɗaya, kuma na'ura abin da ka rubuta mata take nemowa. Haka Albarka da Al-Barka, haka Ɗan da ake haɗe shi da suna ko a raba. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ka rubuta su ba lanƙwasa, d a madadin ɗ, k a madadin ƙ.

Sakamakon zai fito da sunaye da lambobinsu. Mai RC kamfani ne, mai BN sunan kasuwanci ne, mai IT ƙungiya ce. Duka ka karanta su, domin ƙaramin shago mai lambar BN ma yana iya tare maka hanya. Idan ka ga Alheri Textile Nigeria Limited, to naka ya tafi: ƙara harafin s, ko cire Nigeria, ko sauya Limited da Enterprises ba ya mai da shi sabon suna. Kada kuma kalmar INACTIVE ta yaudare ka. Galibi tana nufin mai kamfanin bai miƙa rahotonsa na shekara-shekara ba ne, amma sunan yana hannunsa muddin ba a soke rajistar ba.

Maganin shi ne ka ƙara kalmar da taka ce ta kanka, kamar sunan kakanka ko na unguwarku. Alheri Yakasai Textiles Limited ya fi Alheri Global Textiles Limited damar wucewa, domin kalmar Global ba ta bambanta kowa da kowa. Ni dai shawarata, sunan gida ya fi, don ko ba komai abokan ciniki sun riga sun san ka da shi.

Ka kuma guji kalmomin da sai da izinin hukumar ake sa su, irin su Federal, National, State, Government, Cooperative, Group da Holding. Wanda ya rubuta Kano State a sunan shagonsa ya jawo wa kansa jinkiri. Sunan da ya ci karo da tambarin kasuwanci mai rajista shi ma ana ƙin sa, kuma rajistar tambari tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya, ba ta cikin wannan binciken.

Duk wannan share fage ne. Hukuncin yana zuwa ne bayan ka buɗe asusu a shafin hukumar, ka nemi a keɓe maka sunan, ka biya kuɗin da aka nuna. Idan an amince, za a ba ka lambar amincewa, kuma sunan zai zauna a ajiye kwana 60. Cikin wannan wa'adin za ka shigar da takardun rajista, in ba haka ba wani na iya ɗauka. Idan wakili ko mai shagon kwamfuta ne ya yi maka, ka ce ya ba ka takardar amincewar, ka duba sunan harafi bayan harafi, domin yadda aka rubuta shi a nan haka zai fito a takardar shaidar rajista, kuma da shi banki zai buɗe wa kamfanin asusu.