Yadda ake sanar da rage kasafi ta imel

Jama'a, a ce an rage kuɗin gyaran ajujuwa a Samaru daga naira miliyan 8 zuwa 5, kuma kai ne za ka sanar da ɗan kwangila.

Ka fara kiransa a waya, kada ya ji a bakin wani. Sannan ka tura masa imel, domin imel shaida ce a rubuce.

Bayan sallama da gaisuwa layi ɗaya, ka faɗi maganar kai tsaye: "Alhaji, an rage kasafin aikin zuwa naira miliyan 5. Rufin kwano na nan, amma an cire fenti da daɓen ƙasa." Nan ne yawancinmu ke kuskure, saboda kunya. Sai mu rubuta "ana duba lamarin" alhali an riga an yanke hukunci. Shi kuwa ya ɗauka da sauran dama, ya ciwo bashin siminti. Idan amsarsa ta zo da "yaushe za mu ci gaba?", to saƙonka bai fita ba.

Dalili jimla ɗaya ya isa, ban da ɗora wa wani laifi. Ka faɗi ranar da za a biya shi aikin da ya kammala, da wanda zai tuntuɓa. Ban haƙuri sau ɗaya. A layin Cc, wato na waɗanda za a tura wa kwafin saƙon, kada ka sa kowa sai wanda abin ya shafa.