Babi na Shida: Karɓo Wasiƙar Shaida daga Banki Domin Neman Biza

Darasi na 1: Wace takarda ce?

Takardu biyu ne masu neman biza suke karɓowa daga banki, kuma na ga ɗalibai da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya. Ta farko ita ce sitatimen, wato jerin kuɗin da suka shiga asusunku da waɗanda suka fita, wata bayan wata. Ta biyu ita ce wasiƙar shaida, wadda ma'aikatan banki ke kira refarans leta. Yawanci shafi ɗaya ce. A cikinta banki yake shaida wa ofishin jakadanci cewa wane abokin hulɗarsu ne, ga lambar asusunsa, ga irin asusun, ga ranar da ya buɗe shi. Wani lokaci ana ƙara adadin kuɗin da ke ciki. Ana buga ta a kan takardar banki mai tambari a sama, jami'i ya sa hannu, a buga hatimi.

Ba kowace ƙasa ce ke neman wannan wasiƙa ba. Kafin ku taka zuwa banki, ku sa a karanta muku jerin takardun da ƙasar da za ku je take buƙata. Idan wasiƙar na ciki, sai mu ci gaba.

Darasi na 2: Suna

A nan mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe, saboda haka a nan za mu zauna. Kada ku ji kunya in abin ya ɗauke ku lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku buɗe fasfo ɗinku a shafin da hotonku yake. Akwai layin da aka rubuta Surname, shi ne sunan mahaifi ko na zuri'a. A ƙasansa akwai Given Names, su ne sunayenku na kanku. Yadda aka rubuta su a nan, haka ake so su fito a wasiƙar banki, harafi da harafi. Jami'in biza bai san ku ba, bai san babanku ba, takarda kawai yake gani. Idan rubutun ya saɓa, yana iya ɗauka mutum biyu ne, ko ya ƙi karɓar wasiƙar.

Wani ɗalibina mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya shigo aji ranar Alhamis da yamma, wasiƙarsa a cikin ambulan, yana murna, ranar Litinin zai miƙa takardu a Abuja. Na ce mu gani. Muka shimfiɗa fasfo da wasiƙar a kan benci. Ya karanta duka biyun da ƙarfi, ya ce, "Malam, ai sunana ne." Na ce ya ƙirga haruffan. Takwas a nan, takwas a can. Sai na ɗauki katin waya na rufe sunan, ina janye shi a hankali, harafi ɗaya na bayyana. A fasfo MOHAMMED ne, a wasiƙa MUHAMMAD. Harafi na biyu ya bambanta, O da U. Na bakwai ma ya bambanta, E da A. A baki suna ɗaya ne, a takarda suna biyu ne. Juma'a kaɗai ta rage masa, gyaran bai yiwu a yini ɗaya ba, dole ya ɗaga ranar zuwansa.

Saboda haka kada ku karanta sunan da baki, don baki yana faɗin abin da ya saba. Ku yi kamar yadda muka yi. Fasfo a hagu, takardar banki a dama. Ku rufe sunan da kati. Ku buɗe harafi ɗaya a fasfo, ku buɗe ɗaya a takardar banki. Iri ɗaya ne? To, ku matsa gaba. Ku yi wa sunan farko haka, na tsakiya haka, na mahaifi haka. Ku lura da AISHA da AISHATU, da ABDULLAH da ABDULLAHI, da USMAN da UTHMAN. Ku duba ko wani suna ya ɓace gaba ɗaya, domin da yawa sun buɗe asusu da suna biyu alhali fasfo na ɗauke da uku.

Wannan dubawa tun a gida ake fara ta, da tsohon sitatimen ko wata takardar banki mai cikakken sunanku, kafin a nemi wasiƙar. Idan kun ga bambanci, bayanan banki za a gyara su bi fasfo. Za a ba ku fom, a karɓi kwafin fasfo, wataƙila a ce ku kawo takardar rantsuwa daga kotu. In sunan da ke kan BVN ɗinku ma ya saɓa, shi ma sai an gyara, kuma wannan yana cin kwanaki.

Darasi na 3: A cikin banki

Ku tafi da fasfo, da lambar asusunku mai lamba 10, da takardar neman wasiƙar. Kada ku bi layin masu cire kuɗi. Ku nufi teburin da ake sauraron abokan hulɗa, ko ku tambayi jami'in da ke kula da asusunku. Bayan gaisuwa ku ce, "Ranka ya daɗe, ina son wasiƙar shaida ce zuwa ofishin jakadanci, domin biza."

Takardar neman gajeriya ce, zuwa ga manajan reshe, da Turanci. In wani ne zai rubuta muku, ku tabbatar ya sa cikakken sunanku yana kallon fasfo, ba daga ka ba. Ya sa lambar asusu, da sunan ofishin jakadancin da adireshinsa, ya faɗi ko kuna so a ambaci kuɗin da ke ciki. Wasu bankunan fom suke bayarwa a madadinta. Hannun da za ku sa shi ne wanda kuka sa ranar buɗe asusu. Ku tambayi nawa ne kuɗin aikin, da ranar da za ku dawo.

Ranar karɓa, kada ku tashi daga kujerar nan sai kun fito da fasfo da katin rufewa. Na faɗa, na maimaita, amma har yanzu wasu sai su karɓi ambulan a liƙe, su yi godiya, su fice, wai suna jin nauyin jami'i ko mutanen da ke layi. Wane irin jin nauyi ne wannan? Kuɗinku kuka biya. Mai buga wasiƙar ɗan Adam ne, yana iya kuskure ko da bayananku daidai suke. Harafi ɗaya a hagu, harafi ɗaya a dama, har ƙarshe. Sannan lambar asusu, ita ma ɗaya bayan ɗaya. Sannan sa hannu da hatimi.

Darasi na 4: Kwanan wata da kuɗi

Wasiƙa tana tsufa. Ku karɓe ta dab da ranar miƙa takardu. Ga misali, mai neman bizar karatu ta Birtaniya dole kuɗin su zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar nema.

Kada ku ari kuɗi ku zuba jiya don wasiƙa ta yi kyau yau. Sitatimen zai nuna ranar da suka shigo.

Darasi na 5: Ajiya

Kada ku ninke wasiƙar, kada ku yi mata gyara da biro. Ku yi kwafi ɗaya ku bari a gida.

Aikin gida: kowa ya kwafi sunansa daga fasfo sau uku da manyan haruffa, ya zo da shi tare da wata takardar bankinsa da katin rufewa.