Darasi na 7: Mayar da Giram Kilo, da Minti Awa

Kilo ɗaya giram 1000 ne. Ku rubuta wannan a saman shafi kafin ku taɓa komai. A takardar tambaya, g na nufin giram, kg kuma kilo.

Ga tambaya. An ɗora dankalin Turawa a sikeli a kasuwar Farin Gada, ya nuna giram 2500. Kilo nawa ke nan?

Daga giram zuwa kilo rabawa ake yi da 1000, amma ba sai kun sha wahalar doguwar rabawa ba. Ku ɗora bakin fensir a ƙarshen 2500, bayan sifilin ƙarshe. Ku koma hagu, wato wajen da kuka faro rubutun, kuna tsallake lamba ɗaya-ɗaya har uku. Inda fensir ya tsaya, nan za ku sa ɗigo.

2500 g ÷ 1000 = 2.500 kg = 2.5 kg

Kilo biyu da rabi ke nan. Tsallake uku ake yi domin sifili uku ne a cikin 1000.

To, ga inda ake tuntuɓe. An auna gishiri giram 50 za a narka a ruwa. Fensir a ƙarshe: ɗaya, biyu, sai lambobi suka ƙare. Kada ku tsaya! Saura tsallake ɗaya. Ku rubuta sifili a hagun 5, ku tsallake shi, sannan ɗigo, sannan wani sifili a hagun ɗigon.

50 g ÷ 1000 = 0.050 kg = 0.05 kg

Wanda ya tsaya a biyu zai samu 0.5, shi kuwa 0.5 rabin kilo ne, giram 500. Giram 50 kuwa bai wuce cikin tafin hannu ba. Ku sake gwadawa da giram 8, a hankali, babu mai korarku. Lamba ɗaya ce, don haka sifili biyu za ku cika: 0.008. Ku ƙirga da baki, uku, ko da na kusa da ku zai ji. Iyayena da yayyena, kullum sai na faɗa, kullum kuma sai an kawo min 0.5. Gaggawa ce kawai, haba!

Sai minti. Awa ɗaya minti 60 ce, ba 100 ba, saboda haka a nan ba a tsallaken ɗigo. Mota ta yi minti 150 daga Jos zuwa Bauchi. A cikin 150 akwai 60 sau biyu, saura 30, minti 30 kuma rabin awa ne.

150 ÷ 60 = 2.5

Awa biyu da rabi. Kada ku rubuta 2.30, wannan rubutun agogo ne.

Aikin gida: giram 750 da giram 30 zuwa kilo, minti 90 zuwa awa. A nuna aiki layi-layi.