Kurakuran da Masu Shago a Makka Ke Yi Wajen Sanarwar Neman Ma'aikaci

Kawuna yana da shagon tsaraba a Misfala, inda yake sayar da jallabiya, darduma, carbi da turare. Bara, ana saura wata ɗaya azumi, ya liƙa takarda a ƙofar shago: "Ana neman yaron shago mai gaskiya. Albashi mai kyau. A kira wannan lamba." Kwana uku wayarsa ba ta huta ba. Ya ɗauki wani matashi mai fara'a, amma da aka shiga goman ƙarshe na azumi aiki ya yi zafi sai aka neme shi aka rasa. Na ce masa, "Kawu, laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, takardar nan ce ta kira shi."

Babban kuskuren shi ne ɓoye wahalar aiki. Mai shago yana tsoron in ya faɗi gaskiya ba wanda zai zo, alhali wanda zai gudu saboda jin gaskiya gara ya gudu tun daga bakin ƙofa. Rubuta lokacin aiki ƙarara: ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, sannan 5 na yamma zuwa 9 na dare. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma awa 6 ga Musulmi, ko 36 a mako. Duk abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, ana biyan kuɗin awar tare da ƙarin rabin asalin kuɗinta. A Makka kowa ya san azumi da Hajji su ne kakar ciniki, don haka ka faɗa tun farko cewa za a yi ƙarin lokaci kuma za a biya. Ka faɗi cewa akwai tsayuwa mai tsawo da ɗaukar katan daga sito. Mai neman wurin zama yana latsa waya zai karanta ya wuce, ka huta.

"Albashi mai kyau" kuwa ba magana ba ce. Mai iyali da ke biyan kuɗin haya ba zai bar aikin da yake hannu ba don kalma mai daɗi. Lamba yake so ya gani. Ka rubuta adadin riyal, da ranar biya, da ko akwai kuɗin mota ko abinci. In ɗan ƙasar Saudiyya za ka ɗauka, ka tuna cewa sai albashinsa ya kai riyal 4,000 a wata ake lissafa shi cikakken mutum ɗaya a Nitaqat, tsarin gwamnati na ƙidaya 'yan ƙasar da ke aiki a kowace ma'aikata.

Sai maganar takardu, wadda mutanenmu ke jin nauyin faɗa don kada a ce sun wulaƙanta ɗan'uwa. Wannan kunyar tana jawo tara. Doka ta hana ɗaukar wanda igamarsa ke ƙarƙashin wani kafili, haka nan wanda ya shigo da bizar Umara. Kuma tun 2018 aka keɓe wa 'yan ƙasa kaso mafi yawa na aikin sayarwa a wasu shaguna, ciki har da na ɗinkakkun tufafi. Ka duba matsayin shagonka tukuna, sannan ka rubuta wanda zai iya nema, ka ƙara da cewa za a yi kwantiragi a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago. Ambaton kwantiragin kaɗai yana tankaɗe masu nufin su yi wata biyu su kama gabansu.

Kalmomin "mai gaskiya da riƙon amana" ba sa tace kowa, domin babu mai karantawa ya ce shi ba ya ciki. Abin da ke tacewa shi ne ƙaramin umarni. Ga yadda muka sake rubuta ta Kawu:

"Shagon tsaraba a Misfala yana neman mai sayarwa, ɗan ƙasa, wanda ke jin Larabci da Hausa kuma ya iya karɓar kuɗi da na'urar kati. Aiki kwana shida, hutu Talata. Albashi riyal 4,000 a ƙarshen kowane wata, gwaji kwana 90. Muna son wanda zai yi shekara aƙalla, har da azumi da Hajji. Kada a kira. A turo saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, a faɗi unguwar da ake zaune, inda aka taɓa aiki, da dalilin barinsa."

Duk wanda ya kira duk da an ce kada a kira, Kawu bai saka shi a lissafi ba. Saƙon muryar ya nuna masa yadda mutum zai yi wa alhaji magana, unguwar kuma ta nuna ko zai iya zirga-zirga sau biyu a rana. Shida suka turo yadda aka ce, ya kira uku ya ba kowanne lokacinsa bayan La'asar. Wanda ya ɗauka ɗan Shara Mansur ne, ya iso kafin lokaci, tambayarsa ta farko kuma ita ce a ina ake rubuta kayan da suka ƙare.