Darasi na Bakwai: Kama Gurbin Jarrabawar Turanci da Lissafin Shekara Biyu

Wanda zai tafi karatu ƙasar da ake koyarwa da Turanci, sau da yawa jami'ar takan nemi shaidar cewa yana jin harshen. Ana samun wannan shaida ta hanyar jarrabawa. Waɗanda aka fi sani su ne IELTS da TOEFL da PTE. A darasin yau IELTS za mu bi, domin ita ce aka fi jin sunanta a bakin masu neman tafiya Ingila. Ko da ba kai ne za ka zauna ba, wataƙila kai ne za ka biya wa ɗanka ko ƙanenka, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Kafin a taɓa kuɗi

A fara karanta abin da jami'ar ta rubuta. IELTS iri-iri ce. Akwai Academic, wadda ita ce ta karatun jami'a. Akwai General Training, wadda aka fi nema wajen aiki ko ƙaura. Akwai kuma IELTS for UKVI, wadda hukumar bizar Ingila ke buƙata ga wasu kwasa-kwasai, musamman waɗanda ba su kai matakin digiri ba. Wanda ya zauna wadda ba ita aka nema ba, ko ya ci da kyau, ya yi aikin banza. Wasu jami'o'in ma sukan karɓi sakamakon Turanci na WAEC, don haka tambaya ɗaya ta imel tana iya hutar da aljihu gaba ɗaya.

Na biyu shi ne fasfo. Da shi ake rajista, kuma shi ɗin dai za a nuna ranar jarrabawa. Idan ya kusa ƙarewa, a je ofishin shige da fice a sabunta shi tukuna.

Yadda ake kama gurbi

Ana yin rajista ne ta intanet, a shafin British Council ko na IDP, hukumomin da ke shirya jarrabawar. Za ka zaɓi irin jarrabawar, sannan gari, sannan shafin ya nuna maka ranakun da ke da sauran wuri. Kowace rana kujerunta ƙidayayyu ne, daidai da yawan kwamfutocin ɗakin. Abin kamar motar haya ne a tasha: kujera ba ta zama taka don ka nuna ta da yatsa, sai ka biya. Wanda ya cike fom ya tafi neman cikon kuɗi, yana iya dawowa ya tarar ranar ta cika.

Ga mu 'yan Sakkwato akwai ƙarin lissafi. Idan ba ka ga sunan garinmu a jerin ba, sai ka duba Kano ko Abuja, kuma wannan tafiyar yini ce, da kuɗin mota da na masauki. Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ukun farko rana ɗaya ake yin su a jere, kusan awa uku. Ta magana kuwa, wadda ba ta wuce minti 11 zuwa 14 gaban mai jarrabawa ba, ana iya sa ta wata ranar daban, har kwana bakwai kafin ko bayan sauran. Saboda haka idan shafin ya ba ka zaɓin lokaci, ɗauki rana ɗaya ko washegari. Ba daɗi mutum ya yi kwana biyar a garin da ba nasa ba yana jiran hirar kwata ɗin awa.

Idan a shagon kwamfuta za a yi maka, zauna kusa ka sa ido. Sunan da aka buga ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Muhammad, kada a rubuta Mohammed. Imel ɗin kuma ya zama naka, ba na mai shago ba, domin ta nan za a aiko da wuri da lokaci. Sauya rana ko fasawa yana da ƙa'ida, kuma yadda ranar ke ƙara matsowa haka asarar ke ƙaruwa. A karanta ƙa'idar kafin a biya.

Shekara biyu, daga yaushe?

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, haka na TOEFL da na PTE. Dalilinsu shi ne harshe yana dushewa idan ba a amfani da shi. Ana fara ƙirgawa daga ranar da aka zauna jarrabawar, ba daga ranar da sakamako ya fito ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: a wace rana ake son sakamakon ya kasance da ransa? Wata jami'ar ranar da ka miƙa takardun nema take dubawa. Wata kuwa cewa take yi ya kai har ranar fara karatu. Wannan ma a tambaya a rubuce.

Mu ɗauki misali. A ce wani malamin sakandare ya gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana neman digiri na biyu a Ingila. Jami'ar ta ce tana son maki 6.5 a jimla, kuma kada wani kashi ya gaza 6.0. Ya zauna ranar 15 ga Maris 2025. Ya samu 7.0 a sauraro, 6.5 a karatu, 7.0 a magana, 5.5 a rubutu. In aka haɗa, 26 ke nan, a raba gida huɗu ya ba da 6.5. Jimla ta kai, amma rubutu ya gaza, don haka sharaɗi bai cika ba.

Akwai mafita ga wanda ya yi ta kwamfuta. Ana kiranta One Skill Retake, wato sake kashi ɗaya kawai cikin kwana 60 daga ranar jarrabawar. Ba kowace jami'a ke karɓa ba. A ce tasa tana karɓa, ya sake rubutun ya samu 6.0, aka ba shi gurbin karatu na Satumba 2026.

Sai kuɗin tallafin karatu ya makara, ya roƙi a ɗaga masa zuwa Satumba 2027, aka yarda. Ya ɗauka komai na nan yadda yake. Amma sakamakonsa ya ƙare tun tsakiyar Maris 2027, wata shida kafin a shiga aji. Idan jami'ar na cikin masu duba ranar fara karatu, sai ya sake biya, ya sake hawa mota, ya sake zama.

A ganina kuskurensa gaggawa ce: ya zauna jarrabawar wata 18 kafin lokacin da yake sa ran tafiya, alhali kuɗin bai tabbata ba. Abin da ya fi shi ne a yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko. A rubuta ranar da jami'a za ta rufe karɓar takardu. A koma baya wata uku ko huɗu, a kama gurbi a nan. Sakamakon ta kwamfuta kwanaki kaɗan yake ɗauka, don haka wannan ratar ta ishi mutum ya sake zama idan maki bai kai ba, kuma shekara biyun ba ta fara cinyewa tun da wuri ba.

Aikin aji

1. Wata ɗaliba ta zauna ranar 10 ga Oktoba 2025, sakamako ya fito ranar 14. Yaushe zai daina aiki?
2. Za ta fara karatu a Janairu 2028. Jami'ar ta ce sakamako ya kai ranar fara karatu. Zai kai?
3. Jami'a za ta rufe karɓar takardu ƙarshen Yuni. A wane wata za ka kama gurbi? Faɗa wa na kusa da kai dalilinka.